Yadda na duba rahoton bim biyu da za su ɗauki tankin lita 10,000

Rahoton da aka kawo mini na ɗan ƙaramin aiki ne. Ana son a ɗora tankin ruwa mai cin lita 10,000 a kan wani dandamali na ƙarfe a saman gini. Bim biyu, wato dogayen ƙarafa da ake kwantarwa su ɗauki nauyi, su ne za su ɗauki dandamalin, kowanne tsawon mita 4, bakinsu na zaune a kan ginshiƙan kankare da ke tsaye tun da. Wani matashin injiniya a ofishinmu ne ya tsara aikin ya rubuta rahoton, ni kuma aka ce in duba kafin a sa hannu a tura wa masu ƙera ƙarfe. Tambayoyi uku nake ɗauke da su a duk irin wannan dubawa: ko kowace shawara da ya yanke tana da dalili a rubuce, ko ya faɗi abubuwan da ya ɗauka a matsayin gaskiya ba tare da ya auna ba, da ko lissafinsa daidai ne.

Ban fara da shafukan lissafi ba. Idan mutum ya fara da su, hanyar mai rahoto ce za ta ja shi, ya riƙa bin sawunsa layi bayan layi yana gyaɗa kai, duk inda mai rahoton ya kauce shi ma ya kauce. Sai na ɗauki takardar buƙatun mai aiki da zanen, na rufe sauran, na yi nawa lissafin na gaggawa a farar takarda.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ruwan kaɗai kilo 10,000 ne, wato kimanin kN 98 a ma'aunin da muke aiki da shi, inda kN ɗaya ya ɗan haura nauyin kilo 100. Tankin da babu ruwa na ba shi kN 3, dandamali da bim ɗin kansu kN 5. Jimla kN 106, kowane bim ya ɗauki 53. Sai na dubi zanen don in ga inda nauyin ya sauka. Tankin mai da'ira ne, faɗin gindinsa mita 2.4, tsayinsa mita 2.2, yana zaune a tsakiyar dandamalin. Ke nan akwai santimita 80 a kowane gefe da babu komai a kai sai wurin tsayawar mai gyara. Na ƙiyasta ƙarfin lanƙwasa da zai faɗa wa tsakiyar kowane bim, wanda ake aunawa da kNm, wato kN a ninka da mita, na samu wajen kNm 55 bayan an ninka nauyin da rarar kariya. Na rubuta lambar a gefe, sannan na buɗe rahoton.

Shi kNm 39.5 ya samu.

Bambanci irin wannan ba ya nufin ni ne mai gaskiya, domin lissafin gaggawa yana iya kuskure kamar kowane lissafi. Abin da yake nufi shi ne mu biyu ba abu ɗaya muke lissafawa ba, kuma sai na gano inda muka rabu. Nauyinsa ya yi daidai da nawa. Ya bi ƙa'idar Turai, ya ninka nauyin dindindin da 1.35, ruwa kuma da 1.5, ya samu kN 79 a kowane bim. Rabuwar ta zo a layi na gaba, inda M ke nufin ƙarfin lanƙwasa, W nauyi, L kuma tsawon bim. Ya rubuta:

```
M = W × L / 8 = 79 × 4 / 8 = 39.5 kNm
```

Ninkawa da rabawa duk daidai ne, kalkuleta ba za ta kama komai a nan ba. Amma wannan dabarar ta bim ce da aka shimfiɗa wa nauyi daidai wa daida daga wannan baki zuwa wancan. Babu inda rahoton ya ce ya ɗauka nauyin ya bazu a dukan mita 4. Dabarar ce ta faɗi haka a madadinsa, kuma zanen da shi da kansa ya yi ya ƙaryata ta. Idan nauyin ya taru a tsakiya a kan tsawon da za mu kira a, dabarar takan zama:

```
M = W × (2L − a) / 8 = 79 × (8 − 2.4) / 8 ≈ 55 kNm
```

Ƙarin kashi 40 cikin 100 ke nan, alhali ba a ƙara ko lita ɗaya ta ruwa ba. Dalilin a fili yake: nauyin da ke kusa da ginshiƙi yana wucewa cikin ginshiƙin ba tare da ya wahalar da bim sosai ba, wanda ke tsakiya shi ne mai lanƙwasa shi. Ni ma a nan na yi wani zato, na mayar da gindi mai da'ira kamar mai kusurwa huɗu, kuma na rubuta haka a takardata, domin da'ira takan ƙara tara nauyin a tsakiya kaɗan. Mai dubawa da ke neman a bayyana masa zato ba zai ɓoye nasa ba.

Bim ɗin da ya zaɓa IPE 200 ne, mai zurfin milimita 200. A teburin masu ƙera ƙarfe, adadin da ke nuna ƙarfin siffarsa wajen jure lanƙwasa shi ne cm³ 221. Na buɗe teburin na tabbatar bai ɗauko layin maƙwabci ba, domin hakan na faruwa, ido ya zame layi ɗaya a samu ƙarfin bim ɗin da ya fi girma. Nasa daidai ne. Ya ninka 221 da ƙarfin ƙarfe 275, ya samu kNm 60.8. Da lambarsa ta 39.5, bim ɗin yana aiki da kashi 65 na ƙarfinsa, rahoton kuma ya rubuta cewa akwai rara mai yawa. Da 55, ya hau kashi 90. Har yanzu bai faɗi ba, kuma da abin ya tsaya a nan da na ce ya gyara shafi ɗaya kawai.

Sai na tambayi kaina daga ina 275 ta fito. Lambar tana nufin ƙarfe mai daraja S275, wanda ke fara miƙewa ba ya komawa idan matsin da ke kansa ya kai N/mm² 275. Na koma zanen da za a kai wa maƙera na nemi wannan daraja, ban gan ta ba. An rubuta girman bim, an rubuta tsawo, an rubuta ramukan noti, darajar ƙarfe kuwa shiru. Maƙeri zane yake karantawa, rahoto ba ya kaiwa gare shi. Idan ba a faɗa masa ba, abin da ke ajiye a wurinsa zai yanka, kuma S235 da S275 kamarsu ɗaya a ido, takardar shaidar masana'anta ko gwaji ne kawai ke raba su. Idan S235 ya zo, ƙarfin bim ɗin ya sauka zuwa kNm 51.9, nauyin kuma yana neman 55. Zato biyu da kowannensu shi kaɗai bai kayar da bim ɗin ba, da suka haɗu sun cinye rarar har sun wuce.

Na uku ya fi waɗannan biyu nauyi, kuma shi na fi daɗewa a kai. Bim mai siffar I idan aka danne shi daga sama, leɓensa na sama yana matsuwa, na ƙasa yana miƙewa. Abu siriri mai tsawo da ake matsawa ba ya jira sai ƙarfen ya gaji, gefe yake gocewa. Duk wanda ya taɓa tsayar da rula ta roba a kan kaifinta ya danna tsakiyarta ya san abin: ba ta lotsawa ƙasa, murɗewa take yi ta kwanta. Lambar nan ta 60.8 tana aiki ne kawai idan an riƙe leɓen sama ta yadda ba zai iya gocewa gefe ba. Rahoton ya yi amfani da ita kai tsaye, bai ce uffan a kan riƙon ba. Na koma zanen. Ƙananan ƙarafa ne aka jera a kan bim ɗin biyu, farantin ƙarfe a samansu, amma ba a nuna walda ko noti tsakanin ƙananan da manyan ba. An ɗora su ne kawai. Gogayya tana iya riƙewa wata rana, amma ba abin da injiniya zai sa hannu a kai ba ne, balle a inda ruwa ke ɗiga.

Na lissafa ƙarfin IPE 200 mai tsawon mita 4 da babu abin da ya riƙe shi a tsakiya, bisa hanyar da ke cikin ƙa'idar ƙarfe ta Turai, EN 1993-1-1. Bai wuce kNm 35 ba, ɗan sama da rabin abin da rahoton ya ba shi, kuma nauyin da ke zaune a kan leɓen sama yana ƙara rage shi. Ma'ana ko da lambarsa ta farko, 39.5, ita ce gaskiya, bim ɗin bai ci jarrabawa ba. Irin wannan zato ya taɓa kayar da babban gini. A watan Janairun 1978 rufin zauren wasanni na birnin Hartford a Amurka ya rufta bayan saukar dusar ƙanƙara, sa'o'i kaɗan bayan dubban mutane sun watse daga kallon wasan ƙwallon kwando. An tsara rufin da kwamfuta, amma lissafin ya ɗauka cewa ƙarafan sama suna da riƙon da a zahiri ba su samu ba, sai suka goce a nauyin da bai kai wanda aka ba su a takarda ba. Na ambata masa wannan daga baya, domin tankinmu ƙarami ne amma tambayar ɗaya ce: me ya riƙe abin da ake matsawa, kuma a wane shafi na zane zan gan shi?

Hanyar da nake bi wajen farautar zato irin waɗannan ba ta da wani sirri. Duk lambar da ta shiga lissafi nakan sa mata alama ɗaya cikin uku a gefen shafi: an auna ko an ba mu ita a takarda, an ɗauko ta daga ƙa'ida ko tebur da aka ambata, ko kuwa ta faɗo ne daga sama. Duk dabarar da aka yi amfani da ita kuma nakan tambayi sharaɗin da take tafe da shi, sannan in nemi sharaɗin a zane. Rahoton yana da sashe mai taken abubuwan da aka ɗauka, kuma abin da ke ciki gaskiya ne: nauyin ruwa, ƙarfin jan ƙasa 9.81, da cewa bakin bim yana iya juyawa a mazauninsa. Sai dai waɗannan ba su ne masu haɗari ba. Mutum yakan rubuta zaton da ya san ya yi. Wanda bai san ya yi ba yana cikin dabarar da ya ɗauko, ko cikin akwatin da manhajar lissafi ta cike masa tun kafin ya taɓa ta, kuma waɗannan mai dubawa ne kaɗai zai tono su.

Kuskuren lissafi na zahiri guda ɗaya na samu, a shafin lotsawa. Ya rubuta cewa tsakiyar bim zai sauka da milimita 1.08, iyakar da ya sa wa kansa kuma ita ce tsawon bim a raba da 360, wato milimita 11.1. Tun kafin in taɓa kalkuleta lambar ta tsaya mini. Bim da tsawonsa ya ninka zurfinsa sau 20, yana ɗauke da fiye da tan biyar, ba zai sauka da kaurin farce ba. Ban maimaita dabararsa ba, domin idan na bi hanyarsa zan iya faɗawa ramin da ya faɗa. Na bi ta wata ƙofa, ta matsin da ke cikin ƙarfen a nauyin yau da kullum, wanda ya zo N/mm² 137. A nan δ lotsawa ce, σ matsin, E taurin ƙarfe, h kuma zurfin bim:

```
δ = 5 × σ × L² / (24 × E × h)
  = 5 × 137 × 4000² / (24 × 210000 × 200) ≈ 10.9 mm
```

Da na ga 10.9 kusa da 1.08 sai na san inda zan duba. Lambobin kusan iri ɗaya ne, ɗigo ne ya matsa. Ya yi lissafin da santimita saboda teburin ƙarfe da santimita yake ba da adadinsa, ya samu 1.08, ya rubuta milimita a gabanta. Amsar gaskiya a bisa zatonsa 10.8 ce, da ƙyar ta tsallake 11.1. Da aka mayar da nauyin inda yake a zahiri, ta zama wajen 14.5, ta wuce iyaka. Kuskure mai ninki goma ko ɗari ko dubu kusan kullum na ma'auni ne, shi ya sa nake neman a rubuta ma'auni a gaban kowace lamba, har a tsakiyar lissafi, ba a amsar ƙarshe kaɗai ba. Na faɗa a takardata cewa wannan gyaran minti biyu ne. Ban so ya tafi da tunanin cewa ɗigon ne babban laifin rahoton, domin shi ne mafi sauƙin kamawa a cikin duka.

Ita kanta iyakar 360 na sa mata alamar tambaya. Ƙa'idar ƙarfe ta Turai ba ta kafa lamba ɗaya ga kowa ba, ta bar iyakar lotsawa ga abin da aka amince a kowane aiki tare da mai aikin, ko abin da ƙasa ta ƙara a nata shafin. A wannan aiki abin da lotsawa za ta cutar shi ne gindin tankin da bututun da ke manne da shi, don haka a takardar mai ƙera tankin ya kamata a nemi dalili.

Daga nan na juya ga shawarwarin da ya yanke. Shawara mai dalili a wurina tana da sassa da ake iya nunawa da yatsa: buƙatar da ake son cikawa, wasu hanyoyin da aka duba, da abin da ya sa wannan ta rinjaye su. Akwai guda a rahoton da ta cika wannan sarai. Ya zaɓi a haɗa ƙarafan da noti a wurin aiki maimakon walda, ya kuma rubuta dalili: rufin ginin yana da shimfiɗar hana yoyo da tartsatsin wuta zai lalata, ƙarafan za a tsoma su a tutiya tun a masana'anta saboda jiƙewa, walda a wurin aiki kuma za ta ƙone tutiyar a daidai mahaɗa, inda tsatsa ta fi cutarwa. Wanda ya karanta wannan bayan shekara goma zai san abin da zai rasa idan ya canza. Na rubuta masa cewa wannan sakin layi shi ne ma'aunin da nake son sauran su kai.

Zaɓin IPE 200 kuwa layi ɗaya ya samu: an zaɓe shi domin ya wadatar. Wannan sakamako ne, dalili bai zo ba. Ba a ce me ya sa bim biyu ba uku ba, ba a ce ko akwai iyakar tsayi da ta hana mai zurfi ba, ba a ce ko nauyin da ma'aikata za su iya ɗagawa zuwa rufi ne ya takura shi ba.

Akwai kuma inda na bar shi da ra'ayinsa ko da ni da wata hanya zan bi. Ruwan tanki mai bututun ambaliya ba zai wuce cikarsa ba, don haka wasu injiniyoyi sukan ba shi ninki ƙasa da 1.5. Shi ya zaɓi 1.5, ya rubuta cewa bututun ambaliya na iya toshewa kuma ba shi da iko a kan wanda zai kula da shi. Dalili ne, yana a rubuce, kuma ya karkata ga aminci. Ba aikina ba ne in mayar da rahotonsa irin wanda ni zan rubuta. Mai dubawa da ke cika takarda da son ransa yana binne manyan maganganu a cikin ƙanana, mai rahoto ya rasa wanne ne zai iya kayar da gini.

Abu na ƙarshe da nake nema shi ne abin da babu shi sam, kuma wannan ba a ganinsa ta karanta shafi. Nakan zauna in bi rayuwar abin daga ranar da aka kafa shi: a cike, babu komai, ana gyara, iska na kaɗawa. Rahoton ya duba tanki a cike kawai, domin shi ne mafi nauyi. Amma tanki da babu ruwa kN 3 ne, jikinsa kuma ya tare iska da faɗin da ya haura murabba'in mita 5. Na gwada da matsin iska na kN 1 a kowane murabba'in mita, na rage saboda jikinsa mai da'ira ne, sai ƙarfin da ke son kifar da shi ya zo wajen kNm 4, nauyinsa kuma yana riƙe shi da 3.6. Lambar iskar tawa ce ta gwaji, ba ta wurin ba, amma ta isa ta nuna cewa sai an ɗaure tankin, zanen kuma bai nuna maɗauri ba. Haka nan na bi nauyin har ƙasa. Kowane bakin bim yana sauke wajen kN 40 a kan ginshiƙin da aka gina ba da tanki a rai ba, rahoton kuma ya tsaya a bakin bim kamar nauyin ya ƙare a nan.

Na rubuta abin da na samu a tebur, kowane batu da lambar shafi, abin da na gani, abin da ya sa ya dame ni, da abin da zai rufe maganar. Na raba su gida uku: waɗanda suka hana sa hannu, waɗanda dole a gyara amma ba su canza ƙarfen da za a saya ba, da shawara da yake da 'yancin ƙi. Riƙon leɓen sama, wurin zaman nauyi, darajar ƙarfe, maɗaurin tanki da ginshiƙai suka shiga gidan farko. Ban rubuta masa girman bim ɗin da zai koma ba, ko da yake na riga na lissafa. Idan na ba shi amsa, na zama mai tsara aikin, kuma babu sauran wanda zai duba ni.

Da muka zauna, a kan riƙon ya ja.

"Injiniya, ai tan goma ne a kan ƙananan ƙarafan nan. Ina leɓen zai je da wannan nauyi a kansa?"

Tambaya ce mai kyau, kuma da yawa suna tunanin haka. Na ce masa ya duba abin da ƙananan ƙarafan suka haɗa. Bim biyu ne masu girma ɗaya, masu nauyi ɗaya, da za su so gocewa a lokaci ɗaya. Ko da an ɗaure su da juna da noti, idan babu abin da ya hana su tafiya gefe tare, sai su tafi tare da tankin a kansu. Riƙo na gaskiya yana buƙatar wani abu da ba ya motsi: ƙarafa a gicciye da ke kai ƙarfin zuwa ginshiƙai, ko faranti da aka ɗaure sosai har ya zama bango kwance, ko mahaɗa masu ƙarfi da ke hana kowane bim murɗewa. Ya yi shiru yana kallon zanen, sannan ya ce, "To ko na ƙara noti, sai na nuna inda ƙarfin ya bi." Na ce haka ne, kuma a zane nake son ganinsa, da girman noti da adadinsu.

Rahoton da ya dawo ya fi na farko tsawo da shafuka kaɗan. Sashen zato ya koma tebur mai ginshiƙi uku: abin da aka ɗauka, inda ya fito, da abin da zai faru idan bai tabbata ba. An rubuta S275 a zane tare da sharaɗin a kawo takardar shaidar ƙarfe, an ɗaure ƙananan ƙarafa da noti a kowace mita, an sa gicciye a tsakanin bim ɗin har zuwa mazauninsu, tankin kuma ya samu maɗaurai huɗu da aka lissafa da iskar wurin. Bim ya koma IPE 240, kuma wannan karon da dalili. Ya nuna cewa IPE 220 ma ya ci, da lotsawar milimita 10.2 a ƙarƙashin iyakar 11.1, amma rararsa siririya ce ga gindin tanki da mai ƙera shi ya ce yana son shimfiɗa madaidaiciya. IPE 240 ya sauko da lotsawar zuwa wajen 7.2, ƙarfinsa ya kai kNm 101 a kan buƙatar 55, kuma ko da S235 ya kutso cikin kayan bisa kuskure yana da 86. Abin da aka biya domin wannan shi ne ƙarin kilo 4.5 a kowace mita a kan na IPE 220, kilo 36 a bim biyun.

Na sake lissafa sababbin shafukan daga farko maimakon in duba wuraren da na yi wa alama kawai, domin gyara yakan haifi nasa kuskuren: bim ya canza, nauyinsa ya canza, tsayin dandamali ya ƙaru da santimita 4, bututun shiga kuma sai ya bi. Ya kama na bututun da kansa. Na sa hannu a kan ƙarfen, na bar batu ɗaya a buɗe da sharaɗi a shafin farko: ba za a cika tankin ba sai an samo zanen ginin na asali ko an buɗe kan ginshiƙan an ga rodin da ke ciki, an kuma lissafa ko za su ɗauki ƙarin kN 40 kowannensu.